Me zan rubuta a ƙasan hoton aikin sola da ba zai zama alkawarin ƙarya ba?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni mai haɗa sola ne, kwanan nan na gama wani aiki a gidan kastoma, fanel shida masu wat 550, inbata 5kVA da batirin lithiyam ɗaya na 5kWh. Na ɗauki hoto mai kyau a saman rufin ina son in ɗora don talla. So nake in faɗi sauƙin kuɗin da mai gidan zai samu amma ina tsoron in zuzuta gobe ya zo yana min ƙorafi. Ya zan rubuta?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Lambar da za ka sa a ƙasan hoton nan kada ka ɗauko ta daga jikin fanel, kuma kada ka ɗauko ta daga jikin inbata. Ka ɗauko ta daga wutar da gidan ya daina saya. Wannan ce kaɗai ake kira sauƙi, sauran duk bayanin kayan aiki ne. Yawancin rigimar da nake gani tsakanin masu haɗa sola da kastomominsu ba wai aikin ne ya lalace ba, aikin lafiyarsa ƙalau, matsalar mutum ya karanta wata magana a ƙasan hoto ya gina tsammani a kanta, sai kayan suka ba shi iya abin da za su iya wanda bai kai abin da ya karanta ba. Toh bari mu ɗauki kayan da ka lissafa mu bi su har mu kai ga jimlar da za ka iya rubutawa hankalinka kwance.

Fanel shida sau 550 ya ba ka wat 3,300, wato kilowat 3.3. Amma ka tuna inda aka samo 550 ɗin nan. A ɗakin gwaji aka auna shi, da haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, kuma zafin jikin fanel ɗin yana digiri 25 cif. A saman rufi da tsakar rana ina za ka samu digiri 25? Jikin fanel yakan fi iskar waje zafi da digiri 20 zuwa 30, ka ɗora hannu a kai da azahar ka ji. Kuma fanel ɗin silikon duk digiri ɗaya da ya haura 25 yana rasa wajen kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa, yana nan a rubuce a takardar bayanin da ke zuwa da shi. Idan jikinsa ya kai digiri 60 ka ga an haura da 35, wato sama da kashi goma cikin ɗari ya tafi a zafi kawai, tun kafin a yi maganar ƙura da ta kwanta a gilashin, da abin da waya ke ci, da abin da inbata ke ci wajen juya wutar. Shi ya sa in ana lissafi na gaskiya ake ɗaukar cewa kashi 75 zuwa 80 da 'yan kai ne ke isowa soket. Ni ina amfani da 78 in rufin ba shi da inuwa kuma mai gida zai riƙa sa a wanke.

Sai awannin rana. Nan ma mutane suna ruɗewa, a ce ai rana tana fitowa awa goma sha biyu. Eh tana fitowa, amma hasken safe da na yamma rarrauna ne, in ka tattara hasken yinin gaba ɗaya ka mayar da shi cikakkiyar rana mai ƙarfi, a wuraren da ke da rana sosai yakan kama awa huɗu zuwa shida. Kada ka yi kintace, akwai shafuka na kyauta irin su Global Solar Atlas da PVGIS da PVWatts, ka sa wurin da gidan yake su ba ka lissafin wata-wata. A ce a wurinka watan da ya fi rana ya ba ka awa 5, watan gajimare ya ba ka awa 4. Toh 3.3 sau 5 ya ba da 16.5, ka ɗauki kashi 78 cikin ɗari ya dawo kusan yunit 13 a rana. A watan gajimare 3.3 sau 4 ya ba da 13.2, bayan ragi ya dawo wajen yunit 10. Yunit ɗin nan shi ne kWh da kake gani a mita da fuskar inbata.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya sosai, don a nan ne ko masu gaskiya suke zamewa ba tare da sun sani ba. Yunit 13 ɗin can ba sauƙi ba ne. Abin da fanel za su iya bayarwa ne in akwai inda wutar za ta je. Wutar sola wuri biyu take da shi a irin wannan haɗin, ko kayan gida su sha ta a lokacin da ake samar da ita, ko ta shiga batir. Da zarar batir ya cika kuma babu kayan da ke ja, na'urar caji sai ta rage abin da take karɓa daga fanel, ragowar ba a ma samar da ita ba balle a ce an adana. Kamar randa ce da ta cika ana ruwan sama, duk abin da ya ƙaru zuba yake. Sai dai in a inda gidan yake kamfanin wuta yana karɓar rarar yana biya ko yana rage maka a bil, wannan wani lissafi ne daban kuma sai ka tabbatar gidan yana cikin tsarin kafin ka ambata.

Toh dole ka san yadda gidan ke shan wuta, ba jimla kawai ba, har da lokaci. A ce ka duba tarihin mitarsu ka ga suna shan yunit 14 a rana, 6 da rana lokacin da yara suna makaranta manya suna wajen aiki, 8 daga magariba zuwa safe lokacin da kowa ya dawo an kunna fanka da talabijin da esi na 'yan awanni. Shida na rana sola za ta ɗauke su kai tsaye ba matsala. Takwas na dare kuwa sai abin da batir ya ajiye. Batirin da ake kira na 5kWh yawanci bolt 51.2 ne sau 100Ah, wato 5.12. In ka saita shi yana tsayawa da ragowar kashi 20 don ya daɗe, abin da za a zuƙa ya zama kusan 4.1, inbata ta ci nata wajen juyawa, abin da zai iso kayan gida bai wuce 3.7 ba. Haɗa 6 da 3.7, ka ga yunit 9 da rabi ko sama kaɗan ne gidan ya daina saya a rana mai kyau, cikin 14. Fanel ɗin kuwa sun iya ba da 13, an yi amfani da 6 kai tsaye, wajen 4 da rabi sun tafi cika batir, sama da 2 sun tafi a banza don babu inda za a zuba su.

Ka ga bambancin? Wanda ya ɗauki 13 ya kwatanta da 14 zai rubuta "kusan kashi 93 na kuɗin wuta ya tafi" kuma a ransa yana ganin lissafi ya yi. Alhali gaskiyar ita ce wajen kashi biyu cikin uku. A wata gidan yana sayen yunit 420 a da, yanzu zai daina sayen kamar 285, saura 135 suna nan sai an saya. A watan gajimare in ka sa ranakun da batirin ba zai cika ba, abin zai sauko wajen yunit 240, wato ya ɗan haura rabi. Don haka jimlar da kayan nan suka yarda ka faɗa ita ce, tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku. Kuma wallahi wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, babu abin jin kunya a ciki, mutum mai iyali da aka cire masa rabin nauyin wuta kowane wata ya san an yi masa aiki.

Na sa lambobin 14 da 6 da 8 ne don misali, kai ka nemo na gidan na gaskiya. In suna da mita mai kati ka tambayi yunit nawa suke sawa a wata, in bil ake kawo musu ka karɓi na wata uku zuwa shida ka duba wajen da aka rubuta kWh, in janareta suke ƙonawa ka tambayi lita nawa a sati. In babu ko ɗaya daga ciki toh ba ka da abin da za ka kwatanta da shi, kuma in ba ka da "da" ba ka da ikon cewa "yanzu ya ragu da kaza". A irin wannan halin ka bar maganar kashi gaba ɗaya ka faɗi abin da kayan ke ɗauka kawai, zan zo kansa.

Akwai kuma tambayar da ba ka yi ba amma tana da muhimmanci, yaushe ka gama aikin? In satin nan ne, toh duk abin da ke hannunka hasashe ne, kuma dole rubutun ya nuna hasashe ne. Ga yadda zan rubuta shi:

"Mun kammala wannan aikin: fanel 6 masu wat 550, inbata 5kVA, batirin lithiyam 5kWh. Gidan yana shan wajen yunit 14 a rana. A lissafinmu sola za ta ɗauke tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku na wannan, gwargwadon rana da yadda ake amfani da wuta da dare. Kowane gida lissafinsa daban, sai mun duba naka kafin mu faɗi lamba."

Gajere ne, kuma duba abin da ke ciki. An faɗi kayan, an faɗi gidan da ake magana a kansa da yawan shansa, an ba da tazara ba lamba ɗaya ba, an faɗi abu biyu da ke motsa lambar, sannan an hana mai karatu ɗaukar lissafin wani ya ɗora wa kansa. Wannan na ƙarshen kada ka raina shi. Mai karanta tallarka ba mai gidan ba ne, wani ne can da yake da firiza biyu da injin jan ruwa da esi uku, ya ga hoton fanel shida ya ce nima irin wannan nake so. In ba ka rubuta yunit 14 ɗin ba shi bai san gidan da ke hoton ƙaramin mai shan wuta ba ne.

Amma in za ka ji shawarata, ka ɗora hoton yanzu da wancan rubutun, sannan bayan wata ɗaya ko biyu ka koma gidan ka ɗauko lambar gaske. Yawancin inbatocin yanzu suna ajiye tarihi a fuskarsu ko a manhajar waya, nawa fanel suka samar, nawa gidan ya sha, nawa aka jawo daga layin kamfani. Ka haɗa da abin da mita ta nuna. Sai ka sake ɗora hoton da rubutu irin wannan:

"Wata biyu ke nan da haɗa wannan. Kafin sola gidan yana sayen wajen yunit 420 a wata, a watan da ya wuce yunit 140 suka saya. Watan rana ne sosai, muna sa ran lokacin gajimare zai kai 180 ko sama. Ba a ɗora esi a kan batir da dare."

Wannan ya fi kowace irin zuzutawa jan kastoma mai hankali, don ya ga da da yanzu, ya ga watan da aka auna, har ma ka faɗa masa inda abin zai ragu tun bai tambaya ba. Kuma kada ka zaɓi watan da ya fi kowanne kyau ka ɗora shi shiru kamar haka shekarar take gaba ɗaya. Lambar gaskiya ce amma hoton da take zanawa a kan mutum ba gaskiya ba ne. In watan mai kyau ne ka ce mai kyau ne.

Na fi son a rubuta yunit ko litar mai a kan a rubuta kuɗi. Dalili, farashin wuta da na mai suna canzawa, hotonka kuwa yana nan a shafinka shekara da shekaru, wani zai gan shi bayan shekara biyu ya ɗauka maganar yau ce. In dole sai ka sa kuɗi don mutane sun fi gane shi, toh ka sa wata da shekarar da ka yi lissafin da farashin yunit ɗin da ka yi amfani da shi. Sannan ka duba bil ɗin da kyau, wasu kamfanonin suna da wani kaso tsayayye da ake biya ko an sha wuta ko ba a sha ba, wannan sola ba ta taɓa shi, don haka yunit zai iya raguwa da kashi 65 amma kuɗin bil bai ragu da 65 ba. Gidan da ba shi da mita ake yanko masa bil da ƙiyasi kuwa, zai iya haɗa sola bil ɗin bai motsa ba sam, a nan sauƙin da za ka iya nunawa na man janareta ne kawai.

Yanzu maganar dare, don ita ce ke kawo kiran waya ƙarfe biyu. Mutane da yawa abin da suke nema a hotonka ba kashi nawa ba ne, so suke su san me zai ɗauka kuma har yaushe. Da yunit 3.7 ɗin nan na batir, a ce fanka uku masu wat 70, ƙwan fitila takwas masu wat 10, talabijin mai wat 80, da firji da in ka daidaita kunnawa da kashewarsa yana cin wajen wat 80. Jimla wat 450. Raba 3,700 da 450 ya ba ka kusan awa takwas. In an fara jan batir ƙarfe bakwai na yamma, wajen uku na dare ya kai iyakarsa, sai dai in an kashe talabijin da fitilu an kwanta, wanda yawanci haka ake yi, sai ya kai safe. Yanzu ɗora esi ɗaya mai cin wajen wat 900 a kai, ya zama 1,350, awa takwas ɗin ta dawo ƙasa da awa uku. Kayan ɗaya ne, batirin ɗaya ne, bambancin maɓalli ɗaya da aka danna.

Shi ya sa "wuta awa 24" magana ce mai hatsari in ba a faɗi a kan me ba. Za ka iya rubuta "da dare batirin yana riƙe fitilu, fanka uku, firji da talabijin wajen awa takwas, banda esi da dutsen guga da hitar ruwa", wannan ka iya tsayawa a kansa ko a gaban waye. Kuma "banda" ɗin nan ka sa shi a cikin jimlar, kada ka tura shi can ƙasa bayan lambar waya da tarin alamomi inda manhaja ke yanke rubutu sai mutum ya danna ya ga sauran. Mutane layi biyu na farko suke karantawa. Duk sharaɗin da ke canza ma'anar lambar ka manna shi jikin lambar.

Wani abu da ke yaudarar mutane ba tare da ka yi niyya ba shi ne 5kVA. In ka rubuta "sola 5kVA" kawai, mai karatu yana ɗauka girman wutar da yake da ita ke nan kullum. Alhali 5kVA iyakar nauyin da inbata za ta iya ɗauka ne a lokaci guda, ba ta cewa komai a kan tsawon lokaci. Inbata 5kVA da batir ɗaya da inbata 5kVA da batir huɗu sunansu ɗaya a baki amma darensu ba ɗaya ba ne. Don haka kullum ka faɗi ukun tare, fanel nawa, inbata nawa, batir nawa. Kuma ita kanta inbatar tana cin wuta ko ba a kunna komai ba, masu wannan girman da yawa suna cin wat 40 zuwa 60 a zaune, a awa 24 ya kai yunit ɗaya ko fiye, ka duba takardar taka ka cire shi daga lissafi in yana da yawa.

Su "ka rabu da bil har abada" da "wuta kyauta" ni ban ga yadda za a gyara su ba, a bar su kawai. Ba kyauta ba ce tunda an sayi kaya, kuma ba har abada ba ce tunda kayan suna tsufa. Fanel yana raguwa da wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari a shekara, garantin shekara 25 da ake yawan ambata na ƙarfin fanel ne, cewa zai ci gaba da ba da kashi 80 da wani abu na ƙarfinsa na farko. Bai shafi inbata ba, bai shafi batir ba, waɗannan garantinsu ya fi gajarta nesa ba kusa ba kuma kowane kamfani da nasa sharuɗɗan. In ka rubuta "garantin shekara 25" a ƙasan hoton da ke nuna aikin gaba ɗaya, mutum zai ɗauka har batirin ne, ranar da batirin ya gaji kai zai nema da hoton a hannu. Ka rubuta na kowanne da sunansa ko ka bar maganar sai wajen takardar yarjejeniya. "Har zuwa kashi 90" ma ina guje masa, don idon mutum 90 yake gani, ya manta cewa kashi 30 ma yana cikin "har zuwa".

Maganar "zai mayar da kuɗinsa cikin shekara kaza" kuwa gaskiya ƙasan hoto ya yi mata kaɗan. Lissafin shi ne kuɗin aikin gaba ɗaya a raba da sauƙin shekara, amma yana rataye da farashin wuta na gaba wanda ba a hannunka yake ba, da canjin batir, da ko janareta aikin yake maye wa gurbi ko wutar kamfani, don wanda ke ƙona mai kullum yana mayar da kuɗinsa da sauri fiye da wanda wutar layi ke wadatar da shi. Ka ajiye wannan sai kun zauna da mutum da lambobinsa.

Ka kuma san da wata ɗabi'a da kusan kowane gida ke yi bayan an haɗa sola, shan wuta yana ƙaruwa. Da ana kashe fanka in an fita ɗaki, yanzu an ce ai rana ce ke biya, bayan wata uku an sayo firiza, an ƙaro esi. Gidan da ka auna a yunit 14 ya koma 19, kashi biyu cikin ukun da ka faɗa ya koma rabi, mai gida ya ce sola ta yi sanyi. Ba ta yi sanyi ba, kuma hanyar ganewa mai sauƙi ce, ka buɗe tarihin inbata ka kwatanta abin da fanel ke samarwa da abin da gida ke sha. In samarwa tana nan yadda take ko ma ta ƙaru amma sha ya hau, kaya aka ƙara. In samarwa ce ta faɗi a ranar da sama take tas kuma batir bai cika ba, sai ka hau rufi ka duba ƙura, ko wata sabuwar inuwa ta tankin ruwa ko reshen bishiya, ko mahaɗin waya da ya saki. Wannan ne amfanin sa "gidan yana shan yunit 14" a rubutun tun farko, ya zama shaida a kan wane nauyi ka yi maganarka. A ɗaya ɓangaren kuma akwai labari mai daɗi da za ka iya faɗa wa mai gidan, yunit biyun nan da ke tafiya a banza da rana zai iya cin su in ya mayar da guga da jan ruwa da injin wanki tsakanin ƙarfe goma na safe da uku na yamma, sauƙinsa ya ƙaru ba tare da ya sayi komai ba.

Shi kansa hoton yana magana, ka dube shi da idon baƙo kafin ka ɗora. In kan esi biyu na waje sun fito a bangon gidan ƙarƙashin fanel ɗin, duk wanda ya gani zai ɗauka sola ce ke ɗauke da su ko ba ka ce ba, sai ka yanke hoton ko ka faɗa a rubutu cewa ba sa kai. In hoton fuskar inbata za ka haɗa, kada ya zama na ƙarfe goma sha biyun rana lokacin da wat ya kai ƙololuwa kaɗai, ka nuna jimlar kWh ta yini ko ta wata. Kuma ka nemi izinin mai gidan kafin ka sa lambobin bil ɗinsa, ka rufe lambar mita da duk abin da zai nuna inda gidan yake, don hoton yana sanar da duniya cewa akwai kaya masu tsada a wurin.

Da ka ɗora, tambayar farko da za ta zo ita ce "zai ɗauki esi?" Amsar da ta dace da kayan nan ita ce, da rana in akwai hasken rana sosai zai ɗauki ƙaramin esi ɗaya tare da sauran kayan gida, da dare kuwa batirin 5kWh ba zai kai shi awa uku ba, mai son ya kwana da esi sai an ƙara batir kuma an ƙara fanel da za su cika shi. Ka rubuta wannan amsar ka ajiye a wayarka tun yanzu, don za ka maimaita ta da yawa.